Tambayar gwaji ta ajin Asabar, Kura: haɗaɗɗen bayanin matsayin kuɗi

Maki 30. Lokaci minti 54. Duk alƙaluman teburin miliyoyin naira ne.

Wani kamfanin casar shinkafa a Kura ya gaji da bin dillalai duk kaka, sai ya sayi hannun jari miliyan 200 cikin miliyan 250 na wani kamfanin da ke sayen shanshera a hannun manoman rani a Auyo, jihar Jigawa. An ƙulla cinikin ranar 1 ga Janairu 2024, kuma tun ranar Kura ke juya akalar Auyo. Ga matsayin kowanne a ranar 31 ga Disamba 2024:

| | Kura | Auyo |
|---|---|---|
| Filaye, gine-gine da injina | 900 | 420 |
| Jarin da aka zuba a Auyo | 400 | babu |
| Haja | 260 | 150 |
| Bashin da kamfani ke bi | 180 | 110 |
| Kuɗi a banki | 60 | 20 |
| Jimilla | 1,800 | 700 |
| Hannun jari, naira 1 kowanne | 800 | 250 |
| Ribar da aka tara | 620 | 270 |
| Rancen dogon zango | 100 | babu |
| Bashin da ake bin kamfani | 280 | 180 |
| Jimilla | 1,800 | 700 |

Ƙarin bayani

1. Kura ta biya naira miliyan 400 lakadan, ita ce kawai ta shiga littafi. Akwai cikon miliyan 121 da za a biya ranar 1 ga Janairu 2026, akanta bai rubuta shi ko'ina ba. A dawo da shi darajarsa ta ranar ciniki da kashi 10 cikin ɗari a shekara. Na san wasunku na ƙyamar duk abin da ya yi kama da kuɗin ruwa, to a takardar jarrabawa IFRS 3 ce ke magana.

2. Ranar ciniki, ribar da Auyo ta tara miliyan 150 ce. Injin busar da shinkafarta ya fi abin da ke littafi daraja da miliyan 50 a kasuwa, kuma saura masa shekara 5 na aiki, darajarsa na raguwa daidai wa daida kowace shekara. Auyo ba ta gyara littafinta ba.

3. Tsarin Kura shi ne ta auna kason marasa rinjaye da ƙimarsa ta kasuwa ranar ciniki. A ranar, kowane hannun jari da ya rage a hannunsu naira 2.20 yake.

4. Cikin shekarar, Auyo ta sayar wa Kura shanshera ta miliyan 120, bayan ta ɗora ribar kashi 25 cikin ɗari a kan kuɗin da ta saye ta. Kashi ɗaya cikin uku na nan jibge a sito a Kura. Ku lura da kyau wane ne ya sayar. A nan ajin bara ya yi ta tuntuɓe: suka cire ribar da ba ta tabbata ba daga aljihun Kura gaba ɗaya, alhali a littafin Auyo take zaune, marasa rinjaye kuwa da rabonsu a ciki.

5. Littafin Auyo ya nuna tana bin Kura miliyan 45, na Kura ya nuna 30. Bambancin cakin kuɗi ne da Kura ta aika ranar 30 ga Disamba, bai isa Auyo ba sai 3 ga Janairu 2025.

6. Gwajin da aka yi bisa IAS 36 ya nuna darajar gudwil ta zube da miliyan 20 a ƙarshen shekara.

A bar batun haraji.

Abin da ake nema

(a) Lissafa gudwil na ranar ciniki, da abin da ya rage a ƙarshen shekara. Maki 7.

(b) Shirya haɗaɗɗen bayanin matsayin kuɗi na rukunin a ranar 31 ga Disamba 2024 bisa IFRS 10, tare da lissafin ribar rukuni da na kason marasa rinjaye. Maki 18.

(c) Wani Alhaji cikin masu kashi 20 ya ce bai ga dalilin da za a haɗa kadarorin Auyo ɗari bisa ɗari cikin na Kura ba, tunda ba duka aka saya ba. Ba shi amsa a layi biyar, sannan ka nuna yadda gudwil na ranar ciniki zai kasance da an auna kasonsu da rabonsu na tsabar kadarorin Auyo. Maki 5.

Kowane lissafi a nuna shi a fili, domin a nan yawancin makin yake. Wanda jimillar kadarorinsa ba ta zo 2,242 ba, ya fara duba injin busarwa da cakin nan kafin ya zo yana ce mini tambayar ce ke da kuskure. A kawo takardu Asabar mai zuwa bayan La'asar.