Shirin darasi: da'irar lantarki da kura-kuran da ake sa ran ji daga ɗalibai

Aji shida, makarantar firamare a Mai Wurno, jihar Sinnar, a Sudan. Minti 40. Kowane rukuni na yara biyar zai karɓi batiran tocila biyu masu bolt 1.5, kwan fitila biyu masu bolt 2.5, wayoyi huɗu da aka fere bakinsu. Malami ya riƙe amita, wato na'urar auna yawan wutar da ke gudana a waya, da igiya mai tsawon mita shida.

Kafin a raba kaya, kowa ya zana yadda zai kunna kwai da batir ɗaya. Kada a gyara wa kowa tukuna.

Yara da yawa za su zana waya ɗaya tak, daga kan batir zuwa kwai. Suna da hujja: igiyar fanka a gida guda ɗaya suke gani tana shiga bango. A bar su su gwada na minti biyar, kwan ba zai kama ba. Sannan malami ya nuna tsohuwar igiyar rediyo da aka tsaga, su ga wayoyi biyu a ciki. Sai a koma zane.

Kuskuren da ya fi taurin kai zai fito ne idan an jera kwai biyu a layi ɗaya, haske ya ragu. Wani zai ce, “Ustaz, na farko ya shanye wutar, na biyu saura ya samu.” A tambaye shi wanne ya fi haske, in haka ne. Idan kwayayen iri ɗaya ne, haskensu ɗaya. A sauya musu wuri, a sake dubawa. Sannan a sa amita kafin kwan farko, tsakaninsu, da bayan na biyu; allura wuri ɗaya za ta tsaya. Abin da ke raguwa ƙarfin da ke cikin batir ne, yana zama haske da zafi. Nan a fito da igiyar nan mai mita shida, a ƙulla ta zobe kamar da'irar, yara su riƙe sako-sako, ɗaya yana ja a matsayin batir. Ko'ina tana motsi lokaci guda, wanda ya ɗan matse ta zai ji zafi a tafinsa, kuma igiyar ba ta ragu ba. Wannan sashe ya ci minti 15, ko da an taƙaita sauran.

Mai cewa wuta biyu ke fitowa daga kai da gindin batir su yi karo a kwai, a juya masa batir: allurar amita za ta koma baya, alamar hanya ɗaya ake bi.

Idan babu rukunin da kwansa ya kama, a fara duba bakin waya, sau da yawa roba ce ba a fere sosai ba. Wayar da ta yi zafi kuwa ta haɗa kai da gindin batir kai tsaye, a cire nan take. A faɗa tun farko, a maimaita a ƙarshe: wutar bango bolt 230 ce, tana kisa, ba a gwada komai na darasin nan a soket.