Tambaya ta 4 (maki 10)

Wata ɗaliba ta tattara bayanan manoma 60 a Kware: 30 suna ban ruwan albasa da injin famfo, 30 da jigo. Ta rubuta buhunan da kowa ya samu a kadada, da kuma ko albasarsa ta ruɓe a ajiya, e ko a'a.

(a) Wane gwaji ya dace da kwatanta matsakaicin buhunan rukunin biyu, t ko χ²? Kawo dalili daga nau'in bayanan, sannan ka faɗi sharuɗɗa 2 na gwajin.

(b) Albasar masu famfo 12 da ta masu jigo 18 ta ruɓe. Zana teburin 2×2, ka fitar da adadin da ake tsammani a kowane gida, ka lissafa χ², ka kwatanta da 3.84 (df = 1, α = 0.05).

Sunan gwaji kawai, ba dalili, ba ya da maki.