Tambaya: ko kuna karɓar ɗalibai masu neman sanin makamar aiki?

Zuwa ga Manajan Ma'aikata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina fatan kana lafiya, da kai da iyali da dukkan ma'aikata.

Sunana Hauwa'u, ɗaliba ce a aji huɗu a Sashen Kimiyya da Fasahar Abinci na Jami'ar Bayero, Kano. Na san ba ku fitar da sanarwar neman kowa ba, don haka a gafarce ni da wannan saƙo na ba-zata. Tambaya ce kawai: shin masana'antarku ta sarrafa shinkafa da ke Challawa tana karɓar ɗalibai a ƙarƙashin SIWES, shirin koyon aiki a masana'antu na hukumar horas da ma'aikata ta ITF? Idan tana karɓa, ina roƙon a ba ni gurbi na wata 6, daga farkon Mayu zuwa ƙarshen Oktoba.

Inda na fi so a ajiye ni shi ne ɗakin gwaji da wajen gumi. A makaranta mun koyi auna danshin shanshera da na'urar hannu da kuma ta hanyar busarwa a tanda, mun koyi ware samfur a lissafa yawan karyayya da tsakuwa da baƙar ƙwaya a cikinsa. Mun kuma karanta dalilan da ke ɓata gumi: idan ruwan jiƙo ya huce ƙasa da kimanin digiri 60 zuwa 70 kuma shinkafar ta daɗe a ciki, sai ta yi tsami ta ɗauki wari, idan aka busar da ita da gaggawa bayan turarawa, ba a bar ta ta huta ba kafin danshinta ya sauko kusan kashi 14 cikin 100, ƙwayar kan tsage ta ciki, ta kakkarye a injin casa. Sai dai mu da 'yan kofuna muke gwadawa. Yadda ake yanke hukunci a kan tirela guda ta shanshera tana tsaye a bakin ƙofa, a karɓa ko a mayar, wannan sai a wajenku ake koyonsa. Idan babu wuri a ɗakin gwaji, zan yi farin ciki da sashen tace launi, ko awo da ɗinkin buhu, ko ma sito.

Nauyin da zai hau kanku ba mai yawa ba ne. Na farko, takardar amincewa a kan takarda mai tambarin kamfani, ɗauke da sunana, ranar farawa da ta gamawa, sa hannu da hatimi. Ofishin SIWES na jami'a na buƙatar ta kafin 15 ga Afrilu, kuma hatimin yana da muhimmanci, domin takardar da ba shi kan jawo a dawo da ɗalibi ya sake kawo wata, lokaci kuwa yana tafiya. Sannan a haɗa ni da ma'aikaci ɗaya da zai riƙa duba littafin da zan rubuta ayyukana na kullum, ya sa hannu duk ƙarshen mako. Aikin 'yan mintoci ne. Malami daga jami'a zai ziyarce ni a bakin aiki, zan kuma sanar da ku tun da wuri. A ƙarshe akwai fom na 8 na ITF, wanda kamfani ke cike ɓangarensa ya buga hatimi.

Ba albashi nake nema ba. A Sabuwar Gandu nake zaune, don haka zuwa Challawa ba zai zama matsala ba, zan iya kasancewa daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, Litinin zuwa Asabar. Farar rigar gwaji, takalmin kariya da takunkumi duk ina da nawa. Duk abin da ya shafi sirrin kamfani, kamar farashin saye ko sunayen dillalanku, ba zai shiga rahotona ba, kuma a shirye nake in kawo muku rahoton ku duba kafin in miƙa shi.

Na haɗo takardar gabatarwa daga jami'a, takardar tarihin karatuna mai ɗauke da lambar wayata, da hoton katin shaidar ɗalibta, duka a fayil ɗaya na PDF. Idan kun fi son a kawo su hannu da hannu, a faɗa mini rana da wanda zan nema a ƙofa.

In kuma ba kwa karɓar ɗalibai bana, amsa ko da ta layi ɗaya ce za ta taimake ni in nemi wani wuri kafin wa'adi ya cika. Idan ba ofishinka ne ke kula da wannan ba, don Allah a tura saƙon ga wanda ya dace. Da izininka zan sake tuntuɓa ranar Litinin ta sama.

Na gode ƙwarai. Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a kasuwa.

Wassalam,
Hauwa'u
Aji huɗu, Kimiyya da Fasahar Abinci, Jami'ar Bayero, Kano