Dalilin da ya sa matsakaicin lambobin farko na jeri yake dosar iyakar jerin

Ɗalibai, wannan bayani ne a kan tambaya ta uku ta aikin gida, wadda ta ce: idan jeri a₁, a₂, a₃, … yana dosar iyaka L, a nuna cewa matsakaicin lambobinsa n na farko, wato

sₙ = (a₁ + a₂ + … + aₙ)/n,

shi ma yana dosar L ɗin. Kusan kowa ya yarda maganar gaskiya ce, hujjar ce ta gagari da yawa. Ina so ku riƙe wannan hujja da kyau, domin dabarar da ke cikinta za ta yi ta dawo muku har ƙarshen karatunku.

Mu fara ganin abin da lambobi. A ɗauki jerin da lambarsa ta farko 1,000,000 ce, duk sauran kuma 5. Iyakarsa 5, babu gardama. Matsakaicin lambobi n na farko shi ne (1,000,000 + 5(n − 1))/n, wanda idan aka warware shi ya zama 5 + 999,995/n. A farko abin ya yi nisa ƙwarai: idan n = 10, matsakaicin ya haura dubu ɗari. Amma 999,995 ba ya motsi, n kuwa ƙaruwa yake yi ba tsayawa. Kafin matsakaicin ya zo ƙasa da 5.01 sai n ya wuce 99,999,500. Jira ne mai tsawo, amma ranar tana zuwa. Kamar a zuba buhun gishiri ne cikin tafkin da ruwa ke ta kwarara cikinsa: komai girman buhun, guda ɗaya ne, ruwan kuwa ba ya yankewa.

Kafin hujjar gaskiya, ga wata hanya da ta bayyana a takardu da dama, kuma ba ta ɓullewa. An rubuta sₙ = a₁/n + a₂/n + … + aₙ/n, sannan aka ce kowane kaso yana dosar sifili, saboda haka a tara iyakokin. Gwada wannan a kan jerin 1, 1, 1, … Kowane kaso 1/n ne, yana dosar sifili, amma jimlarsu kullum 1 ce. Ƙa'idar da ta ce iyakar jimla ita ce jimlar iyakoki tana aiki ne idan yawan abubuwan da ake tarawa tsayayye ne, biyu ko goma ko dubu. A nan yawansu n ne, yana girma tare da abin da ake rabawa da shi, don haka ƙa'idar ba ta da hurumi. Dole a koma ga ma'anar iyaka tun daga tushe.

Ma'anar ita ce: aₙ yana dosar L idan, ga kowace lamba ε da ta fi sifili, komai ƙanƙantarta, akwai wani mataki N wanda daga bayansa tazarar da ke tsakanin aₖ da L ba ta kai ε ba. Ku lura da abin da ma'anar ta yi shiru a kansa. Ba ta ce komai game da lambobin da ke kafin N ba. Suna iya zama manya, suna iya tsalle sama da ƙasa yadda suka ga dama. Abu ɗaya muka sani game da su: suna da adadi, N ne kawai. Wannan kuwa ya ishe mu.

Matakin farko shi ne a shigar da L cikin jimlar. Tunda L daidai yake da (L + L + … + L)/n idan an rubuta L sau n, muna da

sₙ − L = [(a₁ − L) + (a₂ − L) + … + (aₙ − L)]/n.

Girman jimla ba ya wuce jimlar girman abubuwan da aka tara, saboda masu alamar ragi da masu alamar tarawa suna iya cinye juna ne kawai, ba za su ƙara wa juna ba. Don haka

|sₙ − L| ≤ (|a₁ − L| + |a₂ − L| + … + |aₙ − L|)/n.

Yanzu a ba mu ε. Mu zaɓi N yadda |aₖ − L| < ε/2 ga duk k da ya fi N. Ma'anar iyaka ce ta ba mu wannan izini, tunda ε/2 ma lamba ce da ta fi sifili. Sai mu raba jimlar gida biyu, kai da wutsiya. Kai shi ne lambobi N na farko, mu kira jimlar tazararsu

C = |a₁ − L| + … + |a_N − L|.

Wutsiya ita ce daga N + 1 zuwa n. Ga duk n da ya fi N, tana ɗauke da abubuwa n − N, kowanne bai kai ε/2 ba, saboda haka jimlarsu ba ta kai (n − N)·ε/2 ba. Idan aka raba da n, tunda (n − N)/n bai kai 1 ba, rabon wutsiya bai kai ε/2 ba. Abin da muka samu ke nan:

|sₙ − L| < C/n + ε/2.

Saura kai. C lamba ce tsayayya, ba ruwanta da n. Idan n ya fi 2C/ε, to C/n bai kai ε/2 ba. Saboda haka ga duk n da ya fi N kuma ya fi 2C/ε, |sₙ − L| < ε/2 + ε/2 = ε. Hujja ta cika.

A nan nake so ku dakata, domin wanda ya haddace layukan bai gane wannan wuri ba, zai yi tuntuɓe da zarar an sauya masa tambaya. Akwai tsari a zaɓe-zaɓen da muka yi, kuma ba a juya shi. ε ne ya fara zuwa. Shi ya haifar da N. Da N ya tsaya, C ya tsaya. Sai a ƙarshe muka saki n ya yi ta tafiya. In an rage ε, N zai iya ƙaruwa, C ma ya ƙaru, wataƙila sosai. Wannan ba ya ɓata komai, domin ga kowane ε ana sake lissafin ne daga farko, kuma n ne ke da zaɓin ƙarshe. Haka kuma kai da wutsiya ba dalili ɗaya ya ƙanƙantar da su ba. Wutsiya tana da lambobi masu yawan gaske, amma kowace tana dab da L, kuma matsakaicin abubuwan da duk suke kusa da L ba zai yi nisa da L ba. Kai kuwa lambobinsa na iya yin nisa da L iya nisa, amma rabonsu cikin taron, N/n, yana narkewa. Wanda ya nemi dalili guda da zai rufe duka biyun ba zai samu ba, shi ya sa aka raba.

Hujjar ba ta yi alkawarin sauri ba. A jerin aₙ = 1/n, lamba ta dubu ita ce 0.001, amma matsakaicin lambobi dubu na farko wajen 0.0075 ne, ya ninka ta fiye da sau bakwai. Na lambobi goma na farko wajen 0.293 ne, na ɗari wajen 0.052. Matsakaici yana jan nauyin abin da ya wuce, sai ya riƙa zuwa a baya.

Tambayar da ta kamata ta biyo baya ita ce: idan matsakaicin yana dosar L, shin jerin ma dole ya dosi L? A'a. Jerin 1, 0, 1, 0, … ba shi da iyaka, kai-komo yake yi har abada. Matsakaitansa kuwa su ne 1, 1/2, 2/3, 1/2, 3/5, 1/2, 4/7, … kuma suna dosar 1/2. Ni a ganina nan ne ƙa'idar ta fi daraja. Ɗaukar matsakaici ba ya sauya iyakar jerin da yake da ita, amma yana iya ba wa wanda ba shi da ita wata lamba mai ma'ana. Ƙa'idar kanta ana danganta ta ga masanin lissafin Faransa Cauchy, daga aikinsa na 1821. Masanin lissafin Italiya Ernesto Cesàro, wanda ya rayu daga 1859 zuwa 1906, shi ne aka laƙaba wa sunan wannan matsakaici, saboda yadda ya yi amfani da shi a 1890 wajen jimlolin da ba sa tsayawa. Sananniyar jimlar nan 1 − 1 + 1 − 1 + …, wadda Guido Grandi ya yi magana a kanta a 1703, idan ana tara ta mataki-mataki abin da ke fitowa shi ne 1, 0, 1, 0, …, jerin da muka gani yanzu. Ta hanyar Cesàro ana ba ta 1/2, kuma hujjar da muka yi ita ce tabbacin cewa hanyar ba za ta taɓa saɓa wa amsar da aka saba samu ba a inda jimla take tsayawa.

Ga wata riba da za ku buƙata a darasi na gaba. Idan lambobin duk sun fi sifili kuma L ma ya fi sifili, to ln aₙ yana dosar ln L, matsakaicinsu ma haka, wanda ke nufin (a₁·a₂·…·aₙ)^(1/n) yana dosar L. Ɗauki lambobin 1, 2/1, 3/2, 4/3, …, waɗanda ke dosar 1. Idan aka ninka n na farko, komai yana soke juna sai n ya rage. Ke nan n^(1/n) yana dosar 1, ba tare da wani dogon lissafi ba.

Don ku gwada ko kun kama inda ƙarfin hujjar yake, a sauya matsakaicin ya zama mai nauyi: a ba aₖ nauyi pₖ da ya fi sifili, a raba p₁a₁ + … + pₙaₙ da Pₙ = p₁ + … + pₙ. Wutsiya ba ta da matsala, lissafinta bai canza ba. Kai kuwa ya koma C/Pₙ, inda C yanzu jimlar pₖ|aₖ − L| ce ta lambobi N na farko, kuma wannan yana narkewa ne idan Pₙ yana girma ba iyaka. In ba haka ba, ƙa'idar na iya rushewa. Ɗauki jerin 1, 0, 0, 0, … da nauyi 1/2, 1/4, 1/8, … Jerin yana dosar sifili, amma saman lissafin kullum 1/2 ne, Pₙ kuma yana dosar 1, sai matsakaicin ya tafi 1/2. Ku rubuta cikakkiyar hujjar matsakaici mai nauyi, tare da nuna ainihin layin da kuka yi amfani da girman Pₙ, ku kawo ta tare da aikin mako mai zuwa.