Saƙon Ƙarshen Shekarar Karatu Zuwa ga Iyaye da Ɗalibai

Ofishin Shugaban Makaranta, Pantami, Gombe
Juma'a, 25 ga Yuli, 2025

Iyayenmu masu daraja da 'ya'yanmu ɗalibai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina sanar da ku cewa yau muka rufe zango na uku, wanda da shi shekarar karatu ta 2024/2025 ta cika. Mun gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana. Za a dawo ranar Litinin, 15 ga Satumba, da ƙarfe bakwai da rabi na safe. Hutun mako bakwai ne cur.

Godiya ta farko taku ce, iyaye. Mun san abin da kuɗin makaranta da na keke suke ci a aljihu a wannan zamani, amma kuka daure. Muna gode wa ƙungiyar iyaye da malamai da ta sauya kwanon azuzuwa biyu kafin ruwa ya sauka, har aka rubuta jarrabawa ba tare da ɗigo ya jiƙa takarda ko ɗaya ba. Iyaye mata da ke tashi tun asuba su dama kunu, su wanke yunifom, su rako ƙanana har bakin ƙofa, Allah ya ba ku ladan wannan ɗawainiya. Malamai, masu gadi da masu shara, aikinku a bayyane yake, mun gani kuma mun yaba.

An ba kowane yaro katin sakamakonsa. Ina roƙon kada a tsaya kan "na nawa ya zo" kaɗai. Kowane darasi maki 100 ne: 40 na gwaje-gwaje da aikin gida, 60 na jarrabawa. Idan makin gwaji ya yi kyau amma na jarrabawa ya faɗi, galibi yaron yana ganewa a aji, bita ce ba ya yi a gida. Idan kuwa na gwajin ne ya yi ƙasa, a duba layin halarta da ke ƙasan katin, sau da yawa fashi ne ko makara. Wanda aka ce ya maimaita aji, don Allah kada a doke shi, kada a yi masa gori a gaban ƙannensa. Mun zauna da malamansa kafin mu yanke, domin yaron da bai iya haɗa baƙi ba idan aka tura shi gaba, kowane darasi zai zame masa dutse. Mai ƙorafi kan maki ya zo ofis ranar Litinin ko Laraba, daga ƙarfe tara zuwa sha biyu, da katin a hannu. Takardun jarrabawar suna ajiye, za a buɗe a gabansa.

Babban abin da nake nema a wurinku shi ne kada littafi ya yi mako bakwai a rufe. Kowace Satumba muna karɓar yaran da suka tafi suna karanta shafi guda ba gargada, su dawo suna bin kalma da yatsa, sai malami ya ɓata mako uku yana maimaita abin da aka riga aka wuce. Maganin ba tsada. Minti talatin a rana ya isa, bayan karin kumallo, kafin rana ta ɗaga hankali ya tafi wasa. Minti goma sha biyar yaro ya karanta da ƙarfi, Hausa yau, Turanci gobe, sannan ya rufe littafin ya faɗi abin da ya karanta da bakinsa. Ba sai uwa ko uba sun yi boko ba, kunne kawai ake so. Idan ya kasa ba da labarin, bai gane ba, ya sake. Sauran mintin na lissafi ne: 'yan aji uku da huɗu su riƙe jadawalin sau daga 2 zuwa 12, manya su yi tambaya biyar daga takardar aikin hutu. In an aiki yaro kanti, a bar shi ya lissafa canji kafin ya fita, wannan ma darasi ne. Kada yayye su yi wa ƙanne aikin hutu. Malami yana gane rubutun ɗalibinsa, kuma kuskuren yaron ne ke nuna mana inda za mu fara.

Hutun ya faɗo tsakiyar damina, don haka sai an sa ido. Kwaruruwan cikin garin nan sukan cika cikin 'yan mintuna, wani lokaci da ruwan da aka yi a wata unguwa alhali nan ko yayyafi babu. A hana yara tsallaka kwari ko wasa a bakinsa, domin gaɓar da ruwa ya ci ta ƙasa takan rufta ba zato. Wanka a kududdufi kuwa, bayan haɗarin nutsewa, shi ke kawo tsargiya. Duk yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti. A riƙa kwana cikin gidan sauro, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma. Zazzaɓi ya zo, a yi gwaji kafin a sayi magani, kuma a shanye maganin har ƙarshe ko da jiki ya yi sanyi a rana ta biyu. Idan gudawa ce, a zuba ƙullin ORS ɗaya a ruwa mai tsabta lita ɗaya, wato leda biyu ta fiya wata, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo.

Masu tafiya Kumo, Dukku, Deba ko Bajoga taya kakanni noma, mun ji daɗi, a gaishe mana da su. A sa takalmi rufaffe in za a shiga ciyawa. Idan tsautsayi ya sa maciji ya yi sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana ƙafar motsi, a ɗauki yaron a nufi asibiti nan take. Na Kaltungo ya ƙware a wannan aiki.

Game da komawa: kowane ɗalibi ya zo da littafin rubutu goma masu shafi sittin, an rubuta suna da aji a bango. Littattafan laburare da aka ara a dawo da su ranar farko. A gwada yunifom tun farkon Satumba, yara kan yi tsawo a hutu, teloli kuma kan cika da aiki a makon ƙarshe. Sababbin ɗalibai su zo da takardar haihuwa da hoto biyu. Wanda kuɗin makaranta ya yi masa nauyi ya same ni kafin a buɗe, mu raba biyan kashi biyu ko uku, maganar kuma ba za ta fita daga ofis ba. Hakan ya fi a riƙe yaro a gida har Oktoba, domin ran Talata 16 ga Satumba za a fara darasi.

'Ya'yana ɗalibai, kun yi ƙoƙari, ku huta, ku yi wasa, ku ziyarci 'yan uwa. Ku taya iyayenku aiki tun kafin a kira ku sau biyu, kada kuma ku yi fashin Islamiyya ko wurin ibadarku. 'Yan aji uku na ƙaramar sakandare da kuka gama da mu, Allah ya ba ku sakamako mai kyau, ku riƙa leƙo mu.

Idan mun saɓa wa wani a cikin shekarar nan, muna neman afuwa. Iyalan da suka yi rashi, Allah ya jiƙan mamatan, ya ba ku haƙuri. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana yaranmu, ya haɗa fuskokinmu lafiya ranar 15 ga Satumba.

Wassalam.

Naku,
Shugaban Makaranta