Amsa ga Hauwa'u kan jimlar da ta bi nahawu amma ba ta da ma'ana

Kaduna, 14 ga Fabrairu

Assalamu alaikum, Hauwa'u.

Na karanta takardar da kika bar mini a ofis bayan darasin ginin jimla na ranar Litinin, inda kika ce kin kasa gane yadda za a ce jimla daidai take alhali ba ta faɗi komai ba, tunda a makarantar sakandare an koya muku cewa jimla magana ce mai cikakkiyar ma'ana. Wannan bayanin ya wadatar da ɗan aji biyu, amma ya haɗa abubuwa biyu da mu a nan muke rarrabewa.

Ki dubi wannan jimlar: "Doguwar ƙishirwa ta auri lissafi." Sifa ta dace da sunanta a jinsi, domin ƙishirwa tamata ce, shi ya sa aka ce doguwar. Wakilin suna "ta" ya bi jinsin mai aikin, aikatau kuma ya ƙare da wasalin "i" kamar yadda irinsa yake yi idan suna ya biyo shi. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, idan na ce ki sa wakilin suna a gurbin lissafi, ba tare da tunani ba za ki ce "ta aure shi", idan kuwa tambaya za ki yi, sai ki ce "me ta aura?" Ke nan kanki yana sarrafa ƙa'idar a kan maganar da ba ki taɓa ji ba, wadda kuma ba ki san abin da take nufi ba. Yanzu ki kwatanta ta da "Yarinya ya tafi kasuwa", wadda kowa ya fahimci saƙonta amma kunnen Bahaushe ya ƙi ta. Ta farko ta tsira a nahawu ta faɗi a ma'ana, ta biyu kuwa akasin haka.

Wannan ita ce hujjar da masanin harshe Noam Chomsky ya kafa a 1957 da shahararriyar jimlarsa ta Turanci, wadda take cewa korayen ra'ayoyi marasa launi suna barci a fusace. Da ya jera kalmomin daga ƙarshe zuwa farko, sai suka zama tarkace, alhali a jerin farko mai jin Turanci yana karanta su da karin sautin jimla sosai. Daga nan ya nuna cewa ba ma'ana ce take yanke hukuncin ingancin nahawu ba, kuma ba yawan jin magana ba ne. Tunda kin ce kin yi Islamiyya a Tudun Wada, ki sani Sibawaihi, malamin nahawun Larabci, ya riga shi taɓo batun a Basra tun ƙarni na 8, inda ya ware maganar da ta miƙe amma ƙarya ce, kamar "na ɗauki dutse", yana nufin tsauni guda, daga wadda ƙarshenta yake warware farkonta, kamar "na zo maka gobe", yana nufin zuwan da ya riga ya wuce.

Abin da ya lalace a jimlar ƙishirwa shi ne sharaɗin da kowace kalma take gindayawa ga abokan zamanta. Aikatau "aura" yana neman mutum a gabansa da mutum a bayansa, sifar "dogo" kuma tana neman abin da ake iya aunawa. Nahawu ajin kalma da jinsi da adadi da jeri yake dubawa, wannan sharaɗin kuwa aikin ilimin ma'ana ne.

Sai dai ina jan hankalinki kada ki yi saurin cewa jimla ba ta da ma'ana, domin Hausa cike take da karya wannan sharaɗi da gangan. Muna shan iska, muna shan wahala, muna cin amana, ciki yana ɗurar ruwa, kuma babu wanda ya taɓa tsayar da mai Keke Napep ya tambaye shi yadda kasuwa take barci kafin ya hau zuwa Kasuwar Barci. Ko "doguwar ƙishirwa" ɗin ma, mai azumi a watan Afrilu zai ce ya gane ta sarai, domin ya mayar da tsawon ya zama na lokaci. A ganina, mafi yawan jimlolin nan muhallin da zai ɗauke su ne ba a samu ba tukuna, kuma nan ne mawaƙa suke cin abincinsu. Jimlar da ginin ta ya rushe kuwa, babu muhallin da zai gyara ta.

Kafin darasin Litinin mai zuwa, ki ƙirƙiro jimloli 5 irin ta ƙishirwa, ki nuna sharaɗin da kowace ta karya, sa'annan ki zaɓi ɗaya ki rubuta mata ɗan labarin da zai sa ta yi ma'ana. Ki kawo mini ofis ranar Alhamis bayan azahar, zan so ki gabatar da su a gaban aji.

Allah ya ƙara basira.

Malaminki,
Dakta Sani