Darasi: tsawon lokacin da tanki ke ɗauka kafin ya tsiyaye ta ƙaramar huda a gindinsa

Tambayar da za mu warware ita ce wannan. Akwai tanki mai siffar ganga a tsaye a bayan ɗakin kwanan ɗalibai, za a wanke shi, don haka dole a fara zubar da ruwan da ke ciki. Faɗin bakinsa daga gefe zuwa gefe mita 1.4 ne, zurfin ruwan kuma mita 1.44. A gindinsa akwai huda zagayayya mai faɗin milimita 25, an toshe ta. Murfin sama a buɗe yake. Idan aka zare toshiyar, minti nawa za a yi kafin ruwan ya ƙare?

Kafin mu taɓa alƙalami, ku lura da abin da ido ke gani. Da farko ruwan na fita da ƙarfi, yana feshi. Can anjima sai ya lafa, daga ƙarshe ya koma ɗan silala. Dalili shi ne nauyin ruwan da ke sama shi ke tura na ƙasa, kuma wannan ruwan na sama raguwa yake yi a kowane sakan. To a nan wahalar tambayar take: gudun fitar ba ya tsayawa a kan lamba ɗaya, saboda haka ba za mu raba yawan ruwa da gudun farko mu ce mun gama ba.

Wanda ya fara tsara dokar wannan gudu shi ne Evangelista Torricelli, ɗan ƙasar Italiya, wanda ya zauna tare da Galileo a watanninsa na ƙarshe a duniya, kuma ya wallafa ta a 1644. Ya nuna cewa ruwan da ke fita ta huda yana da gudu daidai da na abin da aka saki ya faɗo daga saman ruwan zuwa wurin hudar:

```
v = √(2gh)
```

A nan h zurfin ruwa ne a kan hudar, g kuma jan da ƙasa ke yi wa abubuwa, wato 9.81 m/s². Ku duba da kyau, nauyin abin da ke cikin tankin bai shigo ba. Kananzir ya fi ruwa sauƙi, amma gudunsu zai zo kusan ɗaya, domin mai nauyi ya fi danna hudar, amma kuma ya fi wuyar turawa, sai biyun su cinye juna.

Da sauran abu ɗaya kafin mu ci gaba, kuma shi ɗalibai suka fi mantawa. Ruwa ba ya cika hudar taf. Yana tahowa daga kowane ɓangare na gindin tanki, kuma ba ya iya yin kwana nan take a bakin hudar, sai igiyar ruwan ta tsuke kaɗan bayan ta fito. A huda mai kaifin baki, wurin da ya fi tsukewa bai kai kashi biyu cikin uku na filin hudar ba. Ga kuma ɗan gogayya da ke rage gudun. An haɗa su biyun a lamba ɗaya, Cd, wadda gwaji ya nuna tana wajen 0.6 zuwa 0.65 a irin wannan huda. Za mu ɗauki 0.62. Idan a shi ne filin hudar, ruwan da ke fita a sakan guda shi ne:

```
Q = Cd · a · √(2gh)
```

Yanzu mu ɗauki ɗan guntun lokaci, dt, ƙarami ƙwarai yadda h bai kai ga canzawa sosai ba. Ruwan da ya fita a cikinsa Q·dt ne. Wannan ruwan ba daga ko'ina ya zo ba sai daga tankin, saboda haka saman ruwan ya sauka da dh, abin da tankin ya rasa kuma A·dh ne, inda A yake filin fuskar ruwan. Biyun dole su zo ɗaya. Muna sa alamar ɗebewa saboda h raguwa yake yi yayin da lokaci ke ƙaruwa:

```
−A · dh = Cd · a · √(2g) · √h · dt
dt = − A / (Cd · a · √(2g)) · dh / √h
```

Abin da ya rage shi ne tara dukkan waɗannan guntayen lokaci, tun daga zurfin farko H1 har zuwa zurfin ƙarshe H2. A kalkulas kun riga kun san cewa tarin dh/√h yana ba da 2√h. Don haka:

```
t = 2A(√H1 − √H2) / (Cd · a · √(2g))
```

In tankin zai tsiyaye gaba ɗaya, H2 sifiri ne:

```
T = 2A√H / (Cd · a · √(2g))
```

Mu zuba lambobinmu. Tunda tankin da hudar duka zagayayyu ne, ba sai mun nemi A da a ɗaya bayan ɗaya ba. Milimita 1400 a raba da 25 ya ba da 56, kuma 56 sau 56 shi ne 3136, wato filin tankin ya ninka na hudar sau 3136. √1.44 kuwa 1.2 ne, √(2 × 9.81) kuma 4.429.

```
T = 2 × 3136 × 1.2 / (0.62 × 4.429)
T = 7526.4 / 2.746 ≈ 2741 s
```

Sakan 2741, wato minti 45 da sakan 41. A wurin aiki, ku ce wa mai wankin ya ba shi kamar minti 46. Sakan 41 ɗin nan ba abin rantsuwa ba ne, domin Cd ɗin da muka ɗauka kansa kintace ne mai lamba biyu.

Amsa ta fito, amma ina so ku tsaya a nan, domin abin da ya fi daɗi a wannan lissafi yana cikin yadda lokacin ya rabu. Ruwan da ke tankin kusan lita 2217 ne. A sakan na farko lita 1.62 ke fita. Da a ce haka zai ci gaba, da an gama cikin sakan 1370, kimanin minti 23. Ku ninka 1370 sau biyu, ku ga inda kuka sauka: a kan amsarmu. Ba dace aka yi ba. A duk tankin da bangonsa yake a miƙe, lokacin tsiyayewa ninki biyu ne na lokacin da zai ɗauka da gudun farko bai sauka ba. Dalili kuwa, √h na raguwa ne daidai wa daida da lokaci, saboda haka gudun ma na sauka a miƙe daga na farko zuwa sifiri, matsakaicinsa kuma rabin na farko ne. Wannan hanya ce mai kyau ta duba aikinku a jarrabawa, kuma da ita mutum zai iya ƙiyasta lokacin da bokiti da agogo kawai: ya auna lita nawa ke fita a farko, ya raba yawan ruwan da shi, ya ninka biyu.

Mu raba lokacin gida huɗu, kowane gida sakan 685. Tunda √h ke sauka daidai wa daida, zai bi 1.2, 0.9, 0.6, 0.3, 0. In muka ninka kowace da kanta, zurfin ruwan zai bi mita 1.44, 0.81, 0.36, 0.09, 0. Ke nan a gidan farko ruwa ya sauka da santimita 63, a na biyu 45, a na uku 27, a na ƙarshe 9 kacal. Ku raba kowace da 9: 7, 5, 3, 1. Waɗannan su ne lambobin da Galileo ya samu a tafiyar abin da ke faɗowa, 1, 3, 5, 7, sai dai a nan sun juyo da baya. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, lokacin da rabin lokacin ya wuce, kashi uku cikin huɗu na ruwan ya riga ya fita, kuma santimita 9 na ƙarshe su kaɗai suna cin fiye da minti 11. Rabin ruwan na sama yana fita cikin minti 13 da 'yan sakanni, rabin ƙasa kuwa sai ya haura minti 32. Shi ya sa mai jiran tanki yake ganin kamar an kusa gamawa tun da wuri, sannan ya yi ta tsayuwa.

Girman hudar ya fi komai tasiri. In aka ninka faɗinta zuwa milimita 50, filinta ya ninka huɗu, lokacin ya dawo minti 11 da rabi. In aka rage ta zuwa 12.5, sai an haura awa uku. Zurfi kuwa ba haka yake ba: sai ruwan ya ninka zurfinsa sau huɗu kafin lokacin ya ninka biyu. Wanda kuma ya manta da Cd zai samu minti 28, ya yi kuskuren fiye da minti 17.

Wannan lissafi yana da sharuɗɗa, kuma ina ganin sanin su ya fi haddace shi muhimmanci. Mun ɗauka iska na shiga ta sama. In murfin a rufe yake ruf, matsin iskar ciki zai ragu, ruwan ya riƙa fita yana gutsurewa, tankin roba ma yana iya lotsewa. Mun ɗauka hudar ƙarama ce ƙwarai idan aka gwada da tankin, yadda za a yi watsi da gudun saukar saman ruwan. A namu, saman yana sauka ne da kamar milimita ɗaya a sakan alhali ruwan na fita da fiye da mita 5 a sakan, don haka ba matsala. Mun kuma ɗauka A ba ya canzawa. Tankin motar dakon ruwa da ke kwance, ko mazurari, faɗinsu na canzawa da zurfi, dole a rubuta A a matsayin abin da ya dogara da h tun kafin a tara.

Sai maganar famfo da bututu. Yawancin tankunan gidaje ba huda tsirara gare su ba, akwai kan famfo ko bututu a jiki, kuma a gefe yake, ɗan sama da gindi. A irin wannan, h ana auna shi ne daga tsakiyar mafitar, ruwan da ke ƙasa da ita kuma ba zai fita ba sai an karkata tankin ko an kwashe da hannu. Dogon bututu yana ƙara gogayya, sai 0.62 ta daina aiki. In kuma bututun ya sauko ƙasa da tankin, tsayin saukarsa yana ƙaruwa a kan h. Abu mai kauri irin zuma ko baƙin mai ma ba ya bin wannan lamba. Ko a ruwa, santimitocin ƙarshe ba sa biyayya sosai, domin ruwan kan fara juyawa a kan hudar yana jan iska.

Ga aikin gida guda biyu. Na farko: tanki mai kusurwa huɗu, tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 1.5, zurfin ruwa mita 1, hudar gindi milimita 40, Cd kuma 0.62. Ku nemi lokacin tsiyayewa. Wanda ya bi hanya daidai zai sauka kusa da minti 29.

Na biyu daga baya za ku faro. Duro mai faɗin santimita 57 yana da huda ta milimita 10 a gindi. An sa agogo, aka ga ruwan ya sauka daga zurfin santimita 81 zuwa 49 cikin sakan 460. Ku fitar da Cd na wannan hudar, sannan ku yi amfani da ita ku faɗi sauran lokacin da ya rage kafin duron ya tsiyaye. Ku mai da komai mita kafin ku fara, ku kuma nuna kowane mataki a takarda. Za a karɓa ranar Litinin kafin darasin farko.